Ɗinkin Sallah Ya Makara: Yadda Aka Sake Rubuta Saƙon Ban Haƙurin Wani Shago a Kano

Shagon da za mu duba yana sayar da ɗinkakkun kaftani na shadda ta WhatsApp da Instagram. Yana sarin yadi a Kantin Kwari, yana da teloli na kansa, amma aikin wuya waje yake kaiwa, wurin wani mai keken aiki. Masu sayensa suna Kano da Kaduna da Abuja, ga kaɗan a Legas, kuma ta tashar mota ake aika musu kaya. An sakaya sunan shagon, alƙaluman kuma na misali ne, an daidaita su don lissafin ya fito fili. Irin wannan lamari dai duk wanda ke harkar ɗinki ya san shi, kusan kowane azumi sai ya faru da wani.

Daga ɗaya ga azumi zuwa sha biyar, shagon ya karɓi odar kaya 120. Kowane saiti naira 45,000, kuɗin mota naira 4,000, kuma sai an biya duka kafin a yanka yadi. Alƙawarin da aka rubuta a talla shi ne kowa zai karɓi kayansa zuwa ranar Laraba, 24 ga azumi. Laraba ta zo ta wuce, mutum 82 sun karɓa, 38 shiru. Washegari Alhamis, da kira ya yi yawa har mai shago ya daina ɗaga waya, sai ya sa wannan a Instagram da kuma sitatus ɗinsa na WhatsApp:

"Assalamu alaikum kwastomominmu masu albarka. Muna ba da haƙuri ga duk wanda ya ga kamar kayansa sun ɗan yi jinkiri. Hakan ya faru ne saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu, kun san yanayin wuta da matsalar direbobi. Muna iya bakin ƙoƙarinmu, in sha Allahu kowa zai samu kayansa nan ba da jimawa ba. Don Allah a rage kira, a yi mana uzuri, wata ne na haƙuri. Mun gode da fahimtarku."

Mai shagon ba da mugun nufi ya rubuta ba, kuma babu kalmar rashin ladabi ko ɗaya a ciki. Duk da haka saƙon ya ƙara wa wutar fetur. Kira ya ninka, wasu suka fara sa hoton shaidar biyansu a ƙarƙashin saƙon, har aka fara jin kalmar damfara.

Abin da ya ɓata saƙon farko

Mutumin da ya biya naira 49,000 kuma saura kwana huɗu ko biyar Sallah, tambaya ɗaya ce a ransa: zan sa kayan nan ranar Idi ko in nemi wasu? Saƙon bai amsa ba. "Nan ba da jimawa ba" yana iya zama gobe, yana iya zama bayan Sallah da mako biyu. Wanda bai san matsayin kayansa ba kuwa ba shi da abin yi sai kira, shi ya sa roƙon a rage kira ya zama roƙon da ba zai yiwu ba. Shagon ne ya hana shi bayanin da zai sa ya ajiye wayar.

Sai jimlar nan ta "duk wanda ya ga kamar kayansa sun ɗan yi jinkiri". Ba gani ba ne, ba kama ba ce. An sa rana, ranar ta wuce. Idan aka rubuta haka, an mayar da saɓa alƙawari ya zama ra'ayin mai saye, kamar shi ne mai gajen haƙuri. "Ɗan" ɗin nan ma yana da zafi ga wanda yadinsa ko almakashi bai gani ba.

Batun wuta da direbobi ya fi komai rauni, domin lissafi ya ƙaryata shi. Mai aikin wuya saiti huɗu yake gamawa a rana, ko da teloli sun tara masa ashirin. Kafin kaya su isa hannun mutane ranar 24, dole su bar Kano zuwa ranar 22. Kwana 22 sau huɗu, saiti 88 ke nan. An karɓi 120. Ma'ana tun ranar da aka rubuta oda ta 89 a littafi alƙawarin ya karye, tun wuta ba ta ɗauke ba, tun direba bai ga ƙunshin kaya ba. Gaskiya ne an yi yini guda babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi, amma yinin nan saiti huɗu kawai ya ci. Masu saye ba su da wannan lissafin a hannu, sai dai mutanen da ke zaune a ƙasar nan sun san ana ɗauke wuta tun kafin a buɗe oda. Uzurin da kowa ya san da shi kafin a yi ciniki ba ya karɓuwa bayan ciniki.

Akwai kuma yadda aka jawo addini. Babu laifi Musulmi ya ce in sha Allahu, hasali ma an umarce shi da faɗa idan zai yi maganar gobe. Matsalar ita ce a sa kalmar a gurbin rana da lokaci. "Litinin kafin sha biyun rana, in sha Allahu" alƙawari ne. "In sha Allahu nan ba da jimawa ba" kuwa zamewa ce, kuma kunnen Bahaushe yana rarrabe su nan take. Haka tunatar da mutane cewa wata ne na haƙuri: mai laifi ba shi ne zai yi wa wanda ya ɓata wa wa'azi ba. Sannan aka rufe da godiya a kan fahimtar da ba wanda ya ba da.

Aikin da aka yi kafin a taɓa rubutu

Wanda ya taimaka wajen gyara saƙon bai fara da kalmomi ba. Daren Alhamis ya sa aka buɗe littafin oda, aka bi mutum 38 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ana duba inda kayan kowa yake a zahiri, ba inda ake zaton yake ba. An je ɗakin ɗinki an ƙirga, an kira mai aikin wuya ya ƙirga na wurinsa, an kira direbobi da ɗan kamashon da ya karɓi kayan a tasha. Sai 38 ɗin suka kasu uku.

Saiti 14 an gama su, an miƙa a tasha a makare. Wasu suna hanya, wasu ma sun isa garin, suna ajiye a ofishin tasha, ba wanda ya kira mai kaya, domin lambar da aka rubuta a jikin leda da biro ta goge. Saiti 15 an ɗinke su, suna jiran aikin wuya. Saiti 9 kuwa yadinsu yana nan a naɗe yadda aka kawo shi daga kasuwa.

Wannan rabon shi ne ƙashin bayan komai. Mutanen nan ba matsala ɗaya gare su ba, don haka saƙo ɗaya mai cewa "kowa zai samu" dole ya zama ƙarya ga wasu. Na rukunin farko lambar direba kawai suke buƙata. Na biyu rana suke buƙata. Na uku gaskiya mai ɗaci suke buƙata, kuma da wuri, tun akwai sauran lokacin shiga kasuwa su sayi ɗinkakke.

Ranar rukuni na biyu ma lissafa ta aka yi. An samu mai aikin wuya na biyu wanda ya yarda ya karɓa da ƙarin naira 2,000 a kan kowane saiti. Su biyun za su gama takwas a rana, wato Juma'a da Asabar sun isa a gama 15. Uku daga ciki na Legas ne, tafiyar da ta kusa kilomita dubu, sai aka sa su a gaba: a gama Juma'a, su bi motar Asabar. Sauran na Kaduna da Abuja da cikin gari su tashi Lahadi da asuba, su isa a ranar. Amma ba Lahadi aka rubuta a saƙo ba, Litinin aka rubuta, don a bar kwana ɗaya na lalacewar mota ko cunkoson hanya. Kuma an yi lissafin ne a kan cewa azumi zai iya tsayawa a 29, Sallah ta kama Talata. Wanda ya gina alƙawarinsa a kan kwana 30 yana caca da ganin wata.

Daga nan aka zo kan kuɗi, wanda shi ne wurin da masu shago suka fi gudu. An tsayar cewa za a mayar wa duk mutum 29 na rukuni biyun farko kuɗin motarsu, naira 116,000 ke nan. Ƙarin mai aikin wuya na biyu, a kan saiti takwas, naira 16,000. Idan mutum taran nan duka suka ce kuɗinsu suke so, naira 441,000. Jimla naira 573,000. Aka tambayi mai shago: akwai wannan kuɗin a asusu yau? Ya duba, akwai, amma sai ya ɗage sarin da ya shirya yi na bayan Sallah. Da babu, da ba za a rubuta "cikin awa 24" ba, sai a rubuta ranar da kuɗin zai samu da gaske. Alƙawari na biyu idan ya karye ya fi na farko ɓarna, domin shi mutum ya riga ya yafe sau ɗaya a kansa.

Saƙon da aka sake rubutawa

Ya fita ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe:

"Assalamu alaikum. Mun yi alƙawarin kowa zai karɓi kayansa zuwa Laraba, 24 ga azumi. Mutum 38 ba su karɓa ba. Laifinmu ne: mun karɓi oda fiye da abin da za mu iya gamawa, kuma ba mu sanar da ku da wuri ba. Mun san kayan Sallah ne, kuma wasunku na yara ne. Ku yi haƙuri, ku yafe mana.

Ga inda kayan suke. Saiti 14 suna tasha ko suna hanya, za mu turo wa masu su lambar direba kafin sha biyun ranar yau. Saiti 15 suna wurin aikin wuya, za su isa hannun masu su zuwa Litinin, 29 ga azumi, kafin sha biyun rana, in sha Allahu. Duk waɗannan za mu mayar musu da kuɗin mota, naira 4,000, yau. Wanda nasa bai isa ba zuwa wannan lokaci na Litinin, za mu mayar masa da kuɗinsa duka idan ya so.

Saiti 9 ba za su samu kafin Sallah ba. Masu su suna da zaɓi uku: mu mayar da kuɗinsu duka, naira 49,000, cikin awa 24, ko mu aika musu da yadinsu mu mayar da kuɗin ɗinki da na mota, naira 19,000, ko su jira zuwa kwana goma bayan Sallah, mu rage naira 9,000, aikawa kuma a kanmu.

Kowa zai samu saƙo da sunansa ta WhatsApp kafin ƙarfe goman safen nan, mai faɗin rukuninsa. Wanda bai gani ba ya kira lambar shago, akwai mai ɗagawa daga takwas na safe zuwa goman dare. Asusun da aka biya da shi za mu mayar wa kuɗi, kuma ba za mu nemi BVN ko OTP ko lambar sirrin kowa ba. Mun rufe karɓar sabuwar oda har sai mun sallami kowa. Za mu sake sanar da inda aka kwana ranar Lahadi da yamma."

A ƙasa mai shagon ya sa sunansa, ba "hukumar gudanarwa" ba. Shago mai teloli kaɗan ba shi da hukuma, kuma kowa ya san haka.

A lura da tsarin. Jimla ta farko ta maimaita alƙawarin da ranarsa, ta biyu ta faɗi adadin waɗanda aka saɓa wa. An fara da abin da ya faru kafin neman yafiya, domin "ku yi haƙuri" ba ta da nauyi sai an ji a kan me ake cewa. Dalili jimla ɗaya aka ba shi, kuma dalilin da ke hannun shagon ne. Wuta da direba ba su shiga ba ko kaɗan, duk da cewa suna da ɗan kaso a ciki. Mai shagon ya so a ambace su, aka nuna masa cewa da zarar an sa "amma" bayan "laifinmu ne", abin da ya biyo bayan "amma" shi mutane za su riƙe.

An kuma amsa laifi biyu, ba ɗaya ba. Jinkirin daban, shirun daban. Mai shagon ya san tun wajen 18 ga azumi cewa ba zai cika ba, ya yi shiru yana fatan abin zai warware da kansa. Da ya faɗa a lokacin, mutum taran nan suna da kwana goma na neman wani tela. Masu saye da yawa shirun ya fi yi musu ciwo. Ba batun ladabi kaɗai ba ne ma: dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki haƙƙin a gama masa a kan lokaci, da haƙƙin a sanar da shi da wuri idan jinkiri ya zama dole. Don haka shagon da ya rubuta "ba a mayar da kuɗi" a bayanin shafinsa kada ya ɗauka wannan jimla za ta kare shi idan shi ne ya kasa kawo kaya.

Game da diyyar, an yi gardama a kan abu ɗaya. Da farko mai shago ya so ya ba kowa ragin kashi goma a oda ta gaba. Aka ƙi. Ragi a ciniki na gaba talla ne, ba diyya ba ne: yana neman wanda aka ɓata wa ya sake kawo kuɗi kafin ya amfana. Naira 4,000 da ta shiga asusun mutum yau, ya ji ƙarar alat, ta fi masa alƙawarin naira 10,000 a watan gobe. Zaɓi na biyu na rukunin ƙarshe, wato karɓar yadi, an san kaɗan ne za su ɗauka, domin ba telan da zai karɓi ɗinki saura kwana uku Sallah sai ɗan'uwa na jini. An bar shi ne saboda wanda ya zaɓi kalar shaddarsa da kansa kuma ba ya son rabuwa da ita.

Saƙon kowa da sunansa

Saƙon fili ba ya isa shi kaɗai. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, Instagram kuma ba ya nuna wa kowane mabiyi abin da aka sa. Saƙon da aka watsa wa mutane da yawa a lokaci ɗaya ta WhatsApp ma ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambar shagon a wayarsu. Saboda haka aka zauna aka tura wa mutum 38 ɗaya bayan ɗaya, aka fara da taran nan, kuma su kiransu aka yi bayan saƙon. Ga abin da aka tura wa ɗaya daga cikinsu:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da ibada. Kayan Alhaji da na yaron da kuka biya ranar 13 ga azumi, na Alhaji yana wurin aikin wuya, zai iso Kaduna zuwa Litinin kafin sha biyu. Na yaron kuwa gaskiya ba mu yanka ba, kuma ba zai samu kafin Sallah ba. Laifinmu ne, ku yi haƙuri. In kun amince, yanzu zan mayar da naira 49,000 na yaron da naira 4,000 na motar Alhaji, don ku samu ku saya masa ɗinkakke yau ko gobe. In kun fi son yadin ko jira, ku faɗa mini."

Hajiyar ta amsa da murya, ranta a ɓace, ta ce da ya faɗa tun makon jiya da ta san dabarar da za ta yi. Amsar da aka shirya wa irin wannan gajeriya ce: "Gaskiya ne Hajiya, ya kamata mu faɗa tun lokacin. Ga kuɗin na tura, ku duba." Aka haɗa da hoton shaidar turawa. Ba a kare kai, ba a sake jero dalilai.

A ƙarƙashin saƙon fili kuma an kafa ƙa'idoji biyu. Ba a goge ƙorafin kowa sai zagi tsagwaronsa ko wanda ya sa lambar wayar wani. Goge ƙorafi yana sa mai shi ya ɗauki hoto ya kai wani shafin, inda shagon ba zai iya amsawa ba. Sannan ba a wallafa sunayen mutum 38 ɗin ko hoton alat mai ɗauke da sunansu da lambar asusunsu don nuna cewa an biya. Masu shago suna yawan yin haka da kyakkyawar niyya, amma tona bayanan mutane ne ba da izininsu ba, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ga kuma 'yan damfara da ke bin irin waɗannan saƙonni, su kira mai ƙorafi su ce daga shagon suke, za su mayar masa da kuɗi, ya karanto lambar da ta shigo wayarsa. Jimlar BVN da OTP da ke cikin saƙon saboda su aka sa ta. Tsohon saƙon na Alhamis ma ba a goge shi ba, an dai maƙala sabon a saman shafi.

Yadda za a gane ko gyaran ya yi aiki ba daga yawan masu cewa "Allah ya ƙara rufa asiri" ba ne, domin yawancinsu ba sa cikin waɗanda abin ya shafa. Abin dubawa shi ne irin tambayar da ke shigowa. Kafin gyara, tambayar ita ce "ina kayana?" Bayan gyara ta koma "na zaɓi a mayar mini da kuɗi" ko "direban bai ɗaga ba, a ba ni wata lambar". Idan har ana ci gaba da tambayar yaushe, to ranar ba ta fito fili a saƙon ba, a koma a gyara.

Sanarwar Lahadi da yamma ta fita kamar yadda aka ce, layi huɗu kawai: nawa suka isa, nawa ke hanya, nawa aka mayar wa kuɗi. Ɗaya daga cikin kayan Legas ya tsaya, motar ta lalace a hanya. Ba a jira Litinin ta yi ba, daren Lahadin aka kira mai kayan aka gaya masa inda motar take, aka tambaye shi ko a tura masa naira 45,000 ɗinsa da safe ko zai jira motar ta ƙaraso. A sanarwar aka rubuta shi a matsayin saiti ɗaya da bai isa ba tukuna, ba a cusa shi cikin "suna hanya" ba. A littafin odar shekara mai zuwa kuma an ja layi a lamba 80, takwas ƙasa da abin da mai aikin wuya zai iya, don kwana biyun da wuta ko rashin lafiya za su iya ci.